Fili, fam da rijiyar burtsatse: yadda wani matashin injiniya ya jinkirta digirinsa na biyu shekara biyu

Asalin lamarin

Yaron ɗan yayata ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Ya karanta injiniyan gine-gine a wata jami'ar gwamnatin tarayya a Arewa, ya fita da daraja ta biyu mai girma a ƙarshen 2021, bayan yajin aikin malamai da kullen korona sun ci masa kusan shekara guda. Daga farkon 2022 zuwa farkon 2023 ya yi hidimar ƙasa a wata ma'aikatar ruwa a jihar Jigawa, yana karɓar alawus na naira 33,000. Da bakinsa ya ce mini rabin shekarar a kan benci ya yi ta, sauran rabin kuma yana ɗaukar wa wani darakta fayil.

Mahaifinsa tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Abin da ya mallaka bayan gidan da suke ciki shi ne fili guda a bayan garin Kano, sai ragowar garatuti. Ni kuma na shafe shekaru a aikin samar da ruwa, shi ya sa aka riƙa kirana duk lokacin da maganar ta taso.

Hanya biyu ce a gabansa lokacin da ya karɓi takardar sallama. Ko dai ya tafi Ingila ya yi digiri na biyu na shekara guda a fannin albarkatun ruwa da kuɗin gida, ko ya nemi aiki a nan ya fara tara shekarun da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, take buƙata, wato shekara huɗu ta aiki bayan digiri kafin mutum ya sa hannu a zane da sunansa. Shi dai zuciyarsa na kan ta farko. Wani abokinsa ya riga ya tafi a Janairun 2023, kullum hotunansa na shigowa waya.

Fabrairu zuwa Mayu 2023: lissafin farko

Ta hannun wani ejan ya samu gurbi a wata jami'a da ke wajen Landan. Kuɗin makaranta, bayan ragin da aka yi masa, fam 15,000. Dokar biza a lokacin ta ce ɗalibin da zai zauna wajen Landan sai ya nuna fam 1,023 na kowane wata har wata tara, wato fam 9,207. Kuɗin biza fam 363. Kuɗin asibiti fam 470 a shekara, kuma tun da bizar mai kwas ɗin wata goma sha biyu tana haura shekara, na shekara ɗaya da rabi ake biya, fam 705. Jimla fam 25,275, ban da tikitin jirgi da gwajin tarin fuka.

Duk lissafin a kan ƙafa ɗaya ya tsaya: Fom A. Wannan ita ce takardar da ɗalibi ke cikewa ta bankinsa don a sayar masa da kuɗin waje a farashin gwamnati. A watannin nan dala tana wajen naira 460 a hukumance, fam kuma wajen 575, alhali a kasuwar 'yan canji ta Wapa fam ta haura 900. Da farashin gwamnati, duka tafiyar naira miliyan goma sha huɗu da rabi ce. Alhaji, mahaifinsa, ya sayar da filin miliyan 12, ya ɗora miliyan 4 daga garatutinsa.

Na tambaye shi ranar, "Alhaji, idan banki bai ba da fam ɗin ba fa?" Ya ce, "Ai 'ya'yan mutane da shi suke tafiya." Gaskiya ya faɗa. Sai dai tun a lokacin layin Fom A yana ɗaukar watanni. Da jami'ar ta matsa a biya kafin alƙalami na fam 2,000 a watan Afrilu don ta riƙe gurbin, ba a iya jiran banki ba, aka saya a kasuwa, kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Ladan ejan da sauran takardu suka ci kusan rabin miliyan. Aka rage da miliyan 13.6, abin da ya saura a biya kuma, a farashin gwamnati, miliyan 13.4. Babu wurin tari, balle atishawa.

Yuni 2023: ƙasa ta zame

Ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya sakar wa kasuwa naira. Cikin 'yan kwanaki dala ta haura 750 a hukumance, kafin tsakiyar Yuli fam ta kai wajen naira 1,000. Fom A yana nan, amma rangwamen da ke cikinsa ya tafi.

Illar ta zo ta fuska biyu. Ta farko, fam 23,275 da suka rage sun koma naira miliyan 23 da ɗoriya. Ta biyu ta fi gaggawa. Ofishin biza yana so ya ga ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama, fam 22,207 a wannan lissafin, sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ko na rana ɗaya ba, kuma da farashin ranar da aka miƙa takarda yake auna nairar. Kuɗin da a watan Mayu sun isa har da ɗan saura, a watan Yuli sun gaza da kusan miliyan tara.

Yuli 2023 zuwa Janairu 2024: dabarun da aka gwada

Ejan ne ya kawo dabara ta farko. Akwai masu zuba wa mutum kuɗi a asusu na wata guda don a nuna wa ofishin biza, su karɓi kaso a kai, su kwashe abinsu. Alhaji bai bari an gama bayanin ba. Ya ce kuɗin ruwa ne, kuma ƙarya ce a kan ƙarya. Ni abin da na ƙara shi ne, ko da an samu bizar, ramin yana nan, an dai shimfiɗa masa tabarma.

Yaron ya zo da tasa: "Kawu, ai ana aiki a can. Zan riƙa biya a hankali." Muka zauna da biro. Bizar ɗalibi sa'a 20 ta yarda a yi aiki a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin lada a Birtaniya a 2023 ga mai shekara 23 zuwa sama fam 10.42 ne a sa'a. Wato fam 208 a mako, kusan 900 a wata, idan an samu aikin tun makon farko kuma ba a taɓa fashi ba. Wannan bai kai fam 1,023 da gwamnatinsu ta ƙiyasta na ci da haya ba. Daga ina 13,000 na makaranta za su fito? Ya yi shiru. A Mayun 2024 muka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu, wasu aka ce su bar ƙasar, saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta a kan lokaci.

Dabara ta uku ita ce aka ɗauka: a ɗage tafiyar zuwa Janairun 2024, a bar kuɗin a banki, ko naira za ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba. Kuɗin biza ya tashi zuwa fam 490 a Oktoba, na asibiti ya koma 776 a shekara daga 6 ga Fabrairu 2024, kuma a watan nan fam ta kai wajen naira 1,900. Tafiyar da aka yi wa lissafin miliyan goma sha huɗu da rabi ta koma kusan miliyan 49. Miliyan 13.6 ɗin da a Yuli za su sayi fam dubu goma sha uku da ɗoriya, yanzu da ƙyar su sayi dubu bakwai. Kafin alƙalamin kuma ya tafi, domin sharaɗin jami'ar shi ne ba ta mayarwa sai ga wanda aka hana biza, shi kuwa bai ma nema ba.

A tsakanin nan ya gwada neman tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka rufe ranar 7 ga Nuwamba 2023. Sharaɗinsa aikin shekara biyu, wanda suke ƙirgawa da sa'a 2,800. Hidimar ƙasa ta ba shi mako 46 sau sa'a 40, wato 1,840. Ya so ya haɗa da wata shida na koyon aiki da ya yi yana aji huɗu, sai ya ga ba a ƙirga aikin da yake wajibi ne cikin digirin. Ko da ya sa aikin da ya fara a Agusta a kan sa'a 60 a mako, bai kai ba. Bai miƙa ba. Shirin gwamnatin Kano na tura ɗalibai Indiya da Uganda da aka farfaɗo da shi a shekarar kuma masu daraja ta ɗaya aka nema.

Agusta 2023 zuwa Janairu 2024: aikin da bai zama ƙwarewa ba

Aikin Agustan nan wurin wani ɗan kwangilar gine-gine ne a cikin gari, naira 60,000 a wata, a hannu. Babu takardar ɗauka, babu injiniya mai rajista a kansa. Aikinsa ƙirga buhunan siminti da bulo, da tsare leburori kada rodi ya yi ƙafa. Wata shida ya yi bai buɗe zane ya yi lissafin ko ginshiƙi ɗaya ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota kaɗai na cin kusan rabin albashin.

Da ya zo barin wurin ya nemi takardar shaida, maigidan ya ce ya rubuta duk abin da yake so a sa masa hannu. Ya kawo mini ita. Ba ta da abin da za a iya tambayarsa a kai ya amsa.

Fabrairu zuwa Oktoba 2024: aiki na biyu

Kafin ya karɓi wani aikin mun yi sharaɗi uku: a ba shi takardar ɗauka mai kwanan wata, ya kasance ƙarƙashin injiniya mai rajistar COREN, kuma aikin ya zama na ruwa. Ya samu a wani ƙaramin kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse da kafa musu sola a ƙauyukan Kano da Jigawa, a kan naira 150,000. A farashin watan, fam 80 ke nan. Abokinsa na Ingila yana samun haka a wuni guda, kuma bai ɓoye masa ba.

Na ba shi littafi mai kauri na ce duk inda ya je ya rubuta kwanan wata, da zurfin rijiya, da inda ruwa ya tsaya, da girman famfon da aka zura, da sunan wanda ya duba aikin. Da farko don COREN na ce ya yi. Littafin ya yi wani aikin daban.

A bazarar 2024 aka tura shi ya zaga rijiyoyi 14 da kamfanin ya yi a shekaru biyun baya, saboda ƙorafi ya yi yawa. Biyar sun tsaya, huɗu daga ciki a yankin da ƙasan dutse ne. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Arewa maso gabashin Jigawa, wajen Haɗeja, yashi ne mai riƙe ruwa. Mafi yawan Kano kuwa a kan dutse take zaune, ruwan yana cikin tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen, rijiya biyu masu tazarar taku ɗari sai ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta ba da ƙura.

Ƙauye ɗaya ya fi tsaya masa a rai. Mutum 2,000 ne, aka yi lissafin lita 20 ga kowa a rana, lita 40,000. Rana mai ƙarfin juya famfo kusan sa'a shida ce, don haka aka sayi famfo mai jan kusan lita 1.9 a daƙiƙa. Ba wanda ya tambayi rijiyar ko za ta iya. Abin da aka kira gwaji lokacin haƙa shi ne busa iska da kwamfiresa na sa'a biyu, aka ga ruwa ya yi tsiri, aka yi kabbara. Yaron ya roƙi a bar shi ya yi gwajin ja na sa'a 24, yana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa bayan an kashe inji. Rijiyar lita 0.8 a daƙiƙa take iya bayarwa ba tare da ta ƙafe ba, wato wajen lita 17,000 a sa'a shida. Famfon ya fi ƙarfinta ninki biyu da ɗoriya. Kullum da hantsi sai ya zuƙe ta ya koma shan iska, har ya ƙone.

Ya rubuta wa shugabansa shafi uku. Aka sa ƙaramin famfo mai na'urar kashe kansa idan ruwa ya yi ƙasa. Da yake ƙarami ne yana tashi tun rana ba ta yi ƙarfi ba, yana yin kusan sa'a takwas, ana samun wajen lita 23,000. Har yanzu bai isa garin ba, kuma shi aka tura ya faɗa wa mai gari da kwamitin ruwa haka, a gaban matan da ke jiran layi. Aka tsara lokutan ɗiba, aka sa rijiya ta biyu cikin aikin baɗi. Kamfanin kuma ya mayar da gwajin sa'a 24 wajibi kafin a sayi famfo, duk da kuɗin man janareta da yake ci.

Nuwamba 2024 zuwa Satumba 2025: nema na biyu

Wannan karon sa'o'in sun haura 2,800 ko ba a sa aikin ɗan kwangilar ba. Aka rufe nema ranar 5 ga Nuwamba 2024. Chevening rubutu huɗu take so: jagoranci, hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da abin da mutum zai yi idan ya dawo. Na ga abin da ya fara rubutawa a 2023 kafin ya gane bai cancanta ba. Cike yake da "ina da burin taimakon al'ummata". Na 2024 kuwa da ƙauyen nan ya buɗe, da lita 0.8, da yadda ya shawo kan shugaban da ke ganin gwajin ɓarnar mai ne.

Zaɓen kwas ma ya canza. A 2023 ejan ne ya zaɓa masa, bisa inda ragi ya fi yawa. Yanzu ya san abin da ya rasa: ya iya auna rijiya ɗaya, amma bai iya hasashen abin da zai faru da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba idan rijiyoyin sola hamsin suna ja daga wuri ɗaya. Ya nemi kwasa-kwasan ruwa a Cranfield da Loughborough da Leeds, da kansa, ba ejan. Shugabansa da wani malaminsa na jami'a suka rubuta masa shaida.

Aka kira shi intabiyu a Maris 2025, sakamako ya fito a Yuni, ya tashi a Satumba. Tallafin ya ɗauki kuɗin makaranta, da na zama kowane wata, da biza, da jirgi. Sharaɗinsa, ya dawo gida aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Kamfanin ya ce ba shi da tsarin hutun karatu, sai ya ajiye aiki, aka ɗauki wani a gurbinsa.

Abin da na gani a ciki

A ganina tun farko an yi kuskuren ɗaukar lamarin a matsayin zaɓi tsakanin waje da gida. Tambayoyin da suka yanke hukunci su ne wa zai biya, da kuma wanne za a fara yi. Digirin da a Fabrairun 2024 zai ci miliyan 49 shi ne aka samu ba tare da an taɓa aljihun Alhaji ba, kuma abin da ya buɗe ƙofar shi ne aikin gida. Ba Chevening kaɗai ke da wannan sharaɗin ba. Tallafin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma aikin shekara biyu bayan digiri yake nema.

Amma "ka tsaya ka samu ƙwarewa" shawara ce da ake bayarwa da arha. Wata shida na wurin ɗan kwangila aiki ne, har da gumi, bai ƙara masa komai ba. Wata tara na kamfanin rijiya sun isa, domin akwai takarda, akwai wanda ya fi shi sani yana duba shi, kuma an bar shi ya taɓa matsala ta gaske ya auna ta da lamba. Da aikin farko ne kaɗai a gabansa, ban tabbata zan ce zama ya fi tafiya ba.

Ba kuma zan ce dabara ce kaɗai ba. Dubun-dubatar mutane ke neman Chevening kowace shekara, gurabe kuma a lokacin wajen 1,500 ne a duniya baki ɗaya. Da yawa masu littafi irin nasa ba a kira su ba. Da ya faɗi, shirinmu shi ne ya nemi na Jamus a shekara mai zuwa, ko ya yi digirin a Bayero ko Zariya yana aiki. Abokinsa kuma ban ce ya yi asara ba. Ya tafi lokacin da Fom A ke da rai, ya gama, ya samu bizar shekara biyu ta bayan karatu, yana aikin kula da tsofaffi yana aiko wa gida abin da albashin injiniya a Kano ba zai iya ba. Sai dai bai taɓa aikin injiniya ba tun da ya sauka, kuma a Afrilun 2024 albashin da ake nema kafin kamfani ya ɗauki nauyin bizar aiki ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700, ko da yake akwai ɗan sassauci ga sabbin kammala karatu.

Asarar da ta fi girma ba ta fam 2,000 ba ce. Ta wata bakwai ce da aka bar kuɗin fili a naira ana jiran canji ya sauko, kuma ina cikin waɗanda suka ce a jira. Da aka haƙura a Fabrairun 2024, Alhaji ya koma wurin wanda ya sayi filin. Mutumin ya yi masa kara, ya ba shi kujera da ruwa, sannan ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka abin da ya biya. Abin da ragowar kuɗin ya iya saya shi ne rabin fili, can gaba da inda kwalta ta ƙare.